Dishi-dishin da Ido Ke Karantawa

A shekarar 1984 aka fito da wani hoto daga sashen kwamfuta na kamfanin Lucasfilm da ke California. Ƙwallaye ne a kan teburin sunuka irin na Amurkawa, masu ɗauke da lambobi, an jera su yadda lambobin za su karanta 1, 9, 8, 4. Wasu daga cikin ƙwallayen ba su fito tar ba, suna jan wutsiya kamar an ɗauke su da kyamara daidai lokacin da aka buge su. Alhali babu tebur, babu ƙwallo, babu kyamara. Lissafi ne tsantsa. Thomas Porter ne ya haɗa hoton, domin takardar da shi da Robert Cook da Loren Carpenter suka gabatar a taron SIGGRAPH na wannan shekarar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hoto ya san umarnin farko: tsaya cak, kada ka motsa. Masu ɗaukar hoto sun kwashe shekaru fiye da ɗari suna faɗa da dishi-dishi. Sai ga injiniyoyi sun duƙufa suna neman yadda za su sa shi a cikin hoton da ya fito ba shi da aibu ko ɗaya. Dalilinsu shi ne abin da nake son mu bi a hankali, domin har yau a kansa ake tuntuɓe, daga ɗalibin da ya fara koyon manhajar Blender jiya zuwa masu tallan gidaje da motoci.

Idan aka gina abu a kwamfuta, ko mota ko ɗaki ko mutum-mutumi, ana sa masa launi da fitilu, a kafa kyamarar ƙarya a gabansa, sannan a umarci na'ura ta lissafa hoton ɗigo bayan ɗigo. Wannan lissafin shi masu sana'ar ke kira renda. Kyamarar da kwamfuta ke zuwa da ita tun asali tana da halaye biyu da babu kyamarar duniya mai su. Kafar da haske ke shigo mata ba ta da faɗi ko kaɗan, don haka na kusa da na nesa duk suna fitowa tangaran. Kuma tana ɗaukar hoto ba tare da lokaci ya wuce ba, don haka harsashi a sama da dutse a ƙasa duk tsaye suke. Hoton yana fitowa tsaf, amma ido ba ya aminta da shi, ko da mai kallo ya kasa faɗin abin da ya dame shi.

Dabarar su Cook mai sauƙin faɗa ce. Maimakon a harba layin haske guda ɗaya ga kowane ɗigo, sai a harba da yawa, kowanne ya bi ta wani gefe daban na gilashin kyamarar, kowanne kuma ya tashi a wani ɗan lokaci daban, sannan a haɗa sakamakon a ɗauki matsakaici. Abin da ke daidai inda aka saita kyamara, dukkan layukan za su haɗu a kansa, sai ya fito garau. Abin da ke gaba ko baya, layukan za su watse a kansa, sai ya yi hazo. Abin da ke gudu kuwa, kowane layi zai same shi a wuri daban, sai ya ja wutsiya. Da wannan tushe ake aiki har yau.

Hazo yana faɗin girma

Ɗaga yatsanka kusa da fuskarka, ka rufe ido ɗaya, ka ƙura wa yatsan ido. Bangon ɗakin zai narke. Yanzu leƙa waje ka dubi bishiyar da ke can ƙarshen layi: ita da gidan da ke bayanta duk a fili suke. Tun muna jarirai ƙwaƙwalwarmu ta haddace wannan. Idan baya ya narke sosai, abin da ake kallo yana kusa da ido, kuma tunda ya shiga ido gaba ɗaya daga kusa, ƙarami ne. Idan komai ya fito, abin yana nesa, babba ne. Shi ya sa hazon hoto yake ɗauke da labari. Yana gaya wa mai kallo girman abin da ke gabansa tun kafin ya yi tunani.

Abubuwa uku ne ke juya wannan hazo a kyamara: tsawon gilashi, wanda ake aunawa da milimita, nisan abin da aka saita a kai, da faɗin kafar haske. Faɗin kafar ana rubuta shi da lamba kamar f/2.8 ko f/8, kuma lambar tana tafiya ne a juye. Ƙaramar lamba, babbar kafa. Ma'anarta dai a raba tsawon gilashin da lambar: gilashi mai milimita 50 a kan f/2.8 kafarsa ta kusa milimita 18, a kan f/8 kuwa ta ɗan haura milimita 6.

Mu ɗauki kyamarar da Blender ke buɗewa da ita, wadda ta yi daidai da kyamarar hoto ta yau da kullum: gilashi mai milimita 50, farantin ɗaukar hoto mai faɗin milimita 36. Idan ka kunna `Depth of Field`, za ka tarar da `F-Stop` a kan 2.8. Tsayar da mutum mita biyu daga kyamarar. Da ma'aunin da masu hoto suka saba amfani da shi, yankin da zai fito tar bai wuce santimita 27 ba, wato daga kusan mita 1.87 zuwa mita 2.14. Fuska da kafaɗa sun shiga, wanda ke tsaye taku biyu a baya ya fara dushewa. Matso da kyamarar zuwa rabin mita don ka ɗauki kofin shayi, yankin zai tsuke ya koma kusan santimita ɗaya da rabi. Bakin kofin na gaba zai fito, na baya ya yi hazo. Ja da baya zuwa mita goma, yankin zai buɗe daga mita bakwai da rabi har mita goma sha biyar. A mita talatin kuwa, daga mita goma sha biyar har iyakar gani komai a fili yake. Gilashi ɗaya ne, lamba ɗaya ce, nisa kawai aka sauya.

Daga nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa yake tasowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

A ce wata ɗaliba tana haɗa hoton talla na kwalbar turare. Ta fara da akwatin nan da Blender ke ajiyewa a tsakiyar fili, ta yi ta sassaƙa shi har ya zama kwalba. Abin da ba ta lura da shi ba, akwatin faɗinsa mita biyu ne. Kwalbarta a idon na'ura ta fi mutum tsawo. Don ta shiga hoto, dole kyamara ta ja baya mita da yawa. Ta kunna hazo a kan 2.8, ta yi renda, ba ta ga komai ba. Ta rage zuwa 1.4, shiru. Ta ci gaba da ragewa har 0.2, a nan ne baya ya fara narkewa yadda take so. Sai ta ɗauka manhajar ce ba ta iya lissafi ba.

Manhajar gaskiya ta faɗa. Ga yadda ake gane faɗin hazon da wata fitila mai nisa sosai za ta yi a kan farantin kyamara:

```
b = f² / (N × (u − f))
```

A nan `f` tsawon gilashi ne, `N` lambar kafar haske, `u` kuma nisan abin da aka saita a kai, duk tsawon a milimita. Ga mutuminmu na mita biyu, amsar ta kusa rabin milimita. A hoto mai faɗin ɗigo 1920, wannan ya kama kusan ɗigo 24, hazo mai kyau da kowa zai gani. Idan aka kumbura komai sau goma, mutumin ya zama ƙato, kyamara ta koma mita ashirin, hoton zai yi kama da na farko ta fuskar tsari, amma hazon zai faɗo zuwa ɗigo biyu da ɗan abu. Kafin a dawo da 24 ɗin nan, sai an sauke lambar zuwa f/0.28, kafa mai faɗin santimita 18 a jikin gilashi mai tsawon santimita biyar. Ba a taɓa ƙera irin wannan ba. Gilashin Zeiss ɗin da Stanley Kubrick ya ɗauki fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da shi a hasken kyandir, wanda asalinsa don aikin hukumar NASA aka yi shi, f/0.7 ne, kuma har yau ana ba da labarinsa saboda ƙarancin irinsa.

Saboda haka alamar ciwon a bayyane take. Duk lokacin da ka ga sai ka sauko ƙasa da 1 kafin hazo ya bayyana, bar kyamara ka je ka auna kayanka. Maganin ɗalibar shi ne ta mayar da kwalbar girmanta na gaskiya, a ce santimita 12, ta matso da kyamara. Nan take za ta sami kanta a matsalar masu hoton kaya na ainihi: hazon ya yi yawa, rubutun gaban kwalbar ya fito amma murfin ya dushe, sai ta ɗaga lambar zuwa 8 ko 11. Wannan matsalar ita ce shaidar cewa ta shigo hanya.

Kuskuren yana da ɗan'uwa da ke zuwa ta ɗaya gefen. Mai zanen gine-gine ya gina unguwa guda da ma'auni daidai, ya kafa kyamara mita hamsin daga wani bene, sai ya ga hoton ya yi masa fayau, yana son ya ɗan yi kama da fim. Ya matsa hazo har baya ya narke kamar na hoton fuska. Lissafin da muka yi a sama ya nuna cewa sai kafar haske ta kusa rabin mita za a sami haka. Idon mai kallo bai san lissafi ba, amma ya san bai taɓa ganin bene da irin wannan hazo ba sai a kayan wasan yara. Unguwar miliyoyi sai ta koma kamar ta kwali da aka ɗora a kan tebur. Wasu masu hoto da gangan suke yin haka, su ɗauki birni daga sama su narkar da sama da ƙasan hoton don motoci su zama kamar na roba. A wurinsu fasaha ce, domin abin da suka nufa ke nan. A wurin mai tallan gida asara ce.

Wutsiya tana faɗin sauri

Wanda ya taɓa wulwula itace mai garwashi a baki cikin dare ya ga da'irar wuta a iska, alhali ƙwayar garwashi ɗaya ce ke zagayawa. Haka kyamara take gani. Marufinta yana buɗewa na ɗan lokaci, kuma duk tafiyar da abu ya yi a wannan lokacin tana kwanciya a kan hoto guda.

Fim ɗin silima hotuna 24 ne a daƙiƙa. A kyamarorin da, marufin wani faifai ne mai juyawa wanda aka yanke rabinsa: rabin zagaye haske na shiga, rabin zagaye an rufe ana jawo fim zuwa hoto na gaba. Rabin da'ira digiri 180 ne, shi ya sa har gobe ake kiran wannan saiti da wannan suna, ko a kyamarar da ba ta da faifai. Lokacin buɗewar ya kama kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa. A ƙasashen da talabijin ke tafiya da hotuna 25, kamar Nijeriya da Nijar da Birtaniya, kashi ɗaya cikin 50 ne. A Blender, idan ka kunna `Motion Blur`, za ka ga `Shutter` a kan 0.5, ma'ana rabin lokacin hoto guda. Faifan nan ne na da, aka mayar da shi lamba.

Mu sa mota a hanya tana gudun kilomita 60 a awa. A daƙiƙa ɗaya tana cin mita 16.7, tsakanin hoto da hoto kuwa kusan santimita 69. Marufi a buɗe yake rabin wannan lokacin, don haka wutsiyar da za ta ja santimita 35 ce. Idan kyamararmu mai milimita 50 tana tsaye mita ashirin daga titi, faɗin abin da take gani ya kai mita 14.4, wutsiyar kuma ta kama kusan ɗigo 46. Idan ka tsayar da fim ɗin a hoto ɗaya, motar za ta yi maka muni, rubutun jikinta ba ya karantuwa. Amma idan hotunan suka gudana, wutsiyar ce ke cike rabin ramin da ke tsakanin wuri da wuri, ido ya ɗinke sauran. Cire ta gaba ɗaya, motar za ta riƙa tsalle santimita 69 a kowane hoto, tana kakkarwa kamar ana ƙyafta fitila.

Wannan ne ya sa nake ganin babban kuskure ne a yanke hukuncin wutsiya daga hoto tsayayye. Mutane da yawa suna duba hoto ɗaya, su ga ya shafe, su tsorata su rage lambar. A kunna shi yana tafiya, a saurin da za a kalle shi, sannan a yi magana.

Ko a kyamarar gaske, 180 ɗin nan al'ada ce, ana karya ta idan da dalili. A fim ɗin Saving Private Ryan na 1998, mai ɗaukar hoto Janusz Kamiński ya tsuke marufi zuwa digiri 90 da 45 a fagagen yaƙi. Sai ƙasar da bam ya watsa ta riƙa fitowa ƙwaya-ƙwaya, motsin sojoji ya zama mai fizga, hankalin mai kallo ya ƙi kwanciya. A Blender 45 ɗin nan shi ne `Shutter` a kan 0.125, kuma wutsiyar motarmu za ta ragu zuwa kusan ɗigo 12. Akasin haka, idan aka kai lambar 1.0, marufi bai rufe ba ke nan sam, motsi ya zama mai santsi da laushi kamar a mafarki. Wuce 1.0 kuwa an bar abin da kyamara guda za ta iya, domin hoto ya fara cin lokacin maƙwabcinsa. Manhaja za ta yarda ka yi, ba za ta hana ka ba.

Abin da ke juyawa yana da nasa rikicin. Na'ura ba ta bin motsi gaba ɗaya. Tana duba inda abu yake a 'yan wurare kaɗan cikin lokacin buɗewar, ta cike tsakani da kanta. Ga mota mai tafiya a miƙe wannan ya wadatar. Amma a ce fanka ce mai zagaye 1,200 a minti: a kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa fikafikanta sun juya digiri 150. A manhajoji da yawa, idan wuraren dubawar biyu ne kawai, za a ja layi miƙaƙƙe daga farko zuwa ƙarshe maimakon baka, sai ka ga fikafikan sun gajarce ko hazon ya fito da kusurwa. Idan ka ga haka, ƙara yawan matakan. A Blender sunan wurin `Steps`.

Akwai wani bambanci tsakanin renda da kyamara wanda, a ganina, shi ne tushen dukkan muhawarar. Mai kyamarar gaske a ɗaure yake. Idan ya buɗe kafar haske don baya ya narke, haske ya ƙaru, dole ya rage ta wani wurin. Idan ya tsuke marufi don ya kama gudu, hoto ya yi duhu, dole ya ƙara fitila. Kowane zaɓi da kuɗinsa. A injin Cycles na Blender kuwa, sauya `F-Stop` ko `Shutter` ba ya taɓa hasken hoton ko kaɗan. Wasu injinan, irin su V-Ray, suna da kyamarar da ke ɗaure abubuwan uku wuri guda ga mai so, amma ita ma ana iya kwance ta. To tunda babu abin da ya tilasta wa mai renda bin dokar gilashi, bin ta ma zaɓi ne. Abin tambaya kawai shi ne me yake son mai kallo ya gaskata.

Masu bin doka da masu kafa tasu

Idan za a haɗa abin da aka yi a kwamfuta da hoton da aka ɗauka da kyamara, babu wani zaɓi. Dodon da aka sa a titi dole hazonsa da wutsiyarsa su yi daidai da na motocin da ke gefensa, in ba haka ba zai fito kamar an manna shi da gam. Shi ya sa a wurin ɗaukar manyan finafinai akwai masu rubuta tsawon gilashi da lambar kafa da nisan saiti da kusurwar marufi na kowane ɗauka. Har wurin da buɗewar ke farawa ana daidaitawa, ko a farkon hoto ko a tsakiyarsa, abin da Blender ke kira `Position`. Idan aka saɓa a nan, abin da aka ɗora zai riƙa zamewa kaɗan daga inda aka kafa shi duk lokacin da kyamara ta juya da sauri.

Pixar, wadda ta tsiro daga wancan sashen na Lucasfilm, ta zaɓi bin doka ko a inda ba dole. Lokacin aikin WALL-E na 2008, darakta Andrew Stanton ya so fim ɗin ya yi kama da wanda mutum ya ɗauka da kyamara a hannu. Suka gayyato gogaggen mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya ba su shawara, suka sake gina kyamararsu ta kwamfuta don ta kwaikwayi gilasan silima na gaske. A farkon fim ɗin za ka ga saiti yana ɗan lalube kafin ya kama abin da ake nufi, kamar akwai mutum a bayan kyamarar yana juya zobe. Wannan ɗan kuskuren da aka sa da gangan yana cikin abin da ya sa ake jin ɗan injin nan mai tsatsa yana da nauyi, yana tsaye a kan ƙasa.

The Lego Movie na 2014, wanda kamfanin Animal Logic na Ostireliya ya haɗa, ya raba ƙafa ta hanya mai ban sha'awa. 'Yan mutanen Lego tsawonsu kusan santimita huɗu ne, kuma an ba su hazo irin na abin da aka ɗauka daga kusa, don haka ido ya yarda robobi ne ƙanana a kan tebur. Ta wannan gefen an bi gilashi. Ta gefen motsi kuwa an ƙi ba su wutsiyar kyamara, domin ana son su yi kama da fim ɗin da yaro ya haɗa a ɗakinsa, yana gusa 'yar tsana yana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, kuma 'yar tsanar da ke tsaye ba ta jan wutsiya. Inda gudu ya yi tsanani, sai su gina wutsiyar da tubalan Lego ɗin kansu.

Wanda ya fi kowa nisa shi ne Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, aikin Sony Pictures Imageworks, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2019. Masu shi sun so kowane hoto ya zama kamar shafin littafin barkwanci da aka buga a injin ɗab'i. Shafin littafi ba shi da gilashi, ba shi da marufi. Don haka suka ajiye hazon kyamara da wutsiyarta gaba ɗaya. Amma ba su bar gurbin a buɗe ba, kuma nan ne darasin yake. Sun san hazo aiki yake yi, yana nuna wa ido inda zai duba da abin da ke nesa. Sai suka ɗauko wani aibu na tsofaffin injinan ɗab'i, inda launuka ba sa hawa kan juna daidai, ja ya ɗan zame gefe, shuɗi ya zame ɗaya gefen. Abin da ake son ka kalla launukansa a haɗe suke. Abin da ke baya ko gaba launukansa sun rabu, kuma gwargwadon nisansa gwargwadon rabuwar. Ma'aunin nisa yana nan yadda gilashi zai ba da shi, kamanninsa kawai aka sauya. Ga motsi kuma suka koma dabarun masu zanen hannu: layukan gudu, hannu da aka ja ya yi tsawo a hoto ɗaya, ko aka zana shi sau biyu ko uku. Sau da yawa mutanen fim ɗin suna sauya tsayuwa sau 12 ne a daƙiƙa maimakon 24, don kowace tsayuwa ta zauna a ido.

Idan aka jera waɗannan da kwalbar ɗalibarmu mai f/0.2, dukkansu sun saɓa wa kyamara ta wata fuska. Bambancin shi ne masu Spider-Verse sun san wane aiki hazo ke yi, suka ba wani abu aikin, suka kuma riƙe ƙa'idarsu daga farkon fim har ƙarshe. Cikin 'yan mintuna idon mai kallo ya koyi sabuwar dokar ya ci gaba da karatu da ita. Hoton da bayansa ya narke kamar na kofin shayi, alhali motar da ke ciki tana gudu ba wutsiya, ba wata doka da ido zai kama a cikinsa.

Saura maganar kuɗi da lokaci, domin ita ce ke tura mutane zuwa gajeriyar hanya. Hazon da aka lissafa a cikin renda yana buƙatar layukan haske masu yawa. Idan sun yi kaɗan, wuraren da suka narke za su fito da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi. Don haka da yawa sukan fitar da hoton garau, tare da wani hoto na biyu da ke ɗauke da nisan kowane ɗigo, su shafa hazon daga baya. A Blender kayan wannan aiki su ne `Defocus` da `Vector Blur`. Hanyar tana da sauri, kuma ana iya sauya ra'ayi ba tare da an sake renda ba. Irinta ce wayoyi ke yi idan suna narkar da bayan hoton fuska, kuma wanda ya taɓa ganin yadda waya ke cinye gefen ɗankwali ko ƙafar tabarau ya riga ya san rauninta.

Raunin daga wuri ɗaya yake: kowane ɗigo nisa ɗaya kawai aka rubuta masa. Gilashin taga yana mita biyu, bishiyar da ake hangowa ta cikinsa tana mita talatin, to wanne za a rubuta? Madubi ma haka, ruwa ma haka, hayaƙi da gashi ma haka. Sannan gilashin gaske, saboda faɗinsa, yana ɗan leƙa bayan abin da ke kusa da shi, shi ya sa reshen da ya gitta gaban kyamara yake zama kamar mayafi, ana ganin abin da ke bayansa. Hoton da aka riga aka fitar ba shi da abin da ke bayan reshen, sai dai a ƙirƙira. A ɓangaren motsi, inuwar mota da ke gudu a kan kwalta ba za ta ja wutsiya ba, domin a lissafin kwaltar tsaye take. Kuma idan aka ajiye hoton a PNG na yau da kullum kafin a shafa hazon, fitilun da ke baya za su zama toka-toka maimakon ƙwallayen haske, saboda an riga an yanke ƙarfinsu a kan fari. Sai an ajiye a EXR ƙarfin yake tsira.

Inda za ka duba ke nan idan aka miƙo maka hoto: gefen abin da ke gaba, cikin taga, fuskar madubi, da inuwar abin da ke gudu. Kwalbar turare gilashi ce daga sama har ƙasa, don haka ɗalibarmu ba ta da rabo a gajeriyar hanya. Za ta bar hazon a cikin renda, ta sa `Focus Distance` a kan rubutun gaban kwalbar, ta kunna `Limits` don ta ga alamar inda saitin ya faɗa, ta ƙara yawan layukan haske har yashin ya kwanta, ta bar na'urar ta kwana tana aiki.